Ƙarar sikana ba ta nufin kaya ya shiga rasit

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana damuna game da masu tsayawa a kan kantar shago, kuma ni ma na yi shekaru a wannan aikin kafin na gane shi. Mun saba da yarda da kunne. Ka haska sikana a jikin kaya, ka ji "tit", ka tura shi gefe, ka ɗauko na gaba. Alhali ƙarar nan abu ɗaya kawai take faɗa maka: na'urar ta karanta bakod, wato layukan da ke jikin kayan. Ko kayan ya shiga lissafin mai saye ko bai shiga ba, ita ba ta sani ba.

Dalili shi ne, mafi yawan sikanar da ake jona wa kwamfuta, kwamfutar tana ɗaukarta a matsayin kibod ne. Layukan nan baƙaƙe da farare ba su ɗauke da sunan kaya, ba su ɗauke da farashi. Lamba ce zalla, galibi alƙaluma 13 a tsarin EAN-13, ko 12 a tsarin UPC-A. Sikana ta karanta lambar, ta buga ta kamar yadda yatsunka za su buga, sai dai cikin ƙiftawar ido, sannan ta danna Enter. Daga nan aikinta ya ƙare. Manhajar shago ce ke ɗaukar lambar ta nemo suna da farashi a cikin rumbunta.

To tunda kibod ce, duk inda ɗan layin nan mai ƙiftawa yake a fuskar kwamfuta, nan za ta zuba lambar. A nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. Wani mai saye ya kawo biro 12 iri ɗaya da fakitin batir ɗaya. Na haska biro ɗaya, ya fito. Na danna gurbin adadi don in mayar da 1 ya koma 12, sai wani ya yi mini magana, na juya. Da na dawo ban duba allo ba, na haska batir. Na ji "tit" kamar kullum. Ashe alƙaluman batir 13 gurbin adadin biro suka shiga. Manhajar ta ƙi karɓa, ta fito da ɗan saƙon gargaɗi, ni kuma na riga na jefa batir a leda. Da ba don mutumin ya dubi rasit ya ce "Malam, batir ɗina bai fito ba" ba, da kayan ya fita ba a biya ba, kuma da an zo ƙidayar kaya a ga giɓin da babu mai iya bayaninsa.

Shi ya sa nake ganin duk wanda za a ba wa sikana, a fara nuna masa wannan gwajin tun ranar farko. A buɗe Notepad, manhajar rubutu ta kwamfuta, a haska kaya ɗaya. Zai ga lambar ta rubutu da kanta, ɗan layin ya sauka ƙasa. Idan ya sauka, Enter na tafiya tare da lambar. Idan ya tsaya a ƙarshen lambar, ba a saita sikanar ba, kuma a kan kanta za ka ga lamba ta tsaya a gurbi tana jira, ka haska na biyu ta manne da ta farko, manhaja ta ce ba ta san kayan ba. Gyaran yawanci yana cikin littafin da ya zo da na'urar, akwai wani bakod na saiti da ake haskawa sau ɗaya.

Kuskuren karatu kuwa ba shi ne abin tsoro ba, domin alƙalami na ƙarshe a lambar na tantancewa ne, daga sauran ake lissafo shi. Idan lissafin bai dace ba, sikana ba ta ma yin ƙara. Abin tsoro shi ne ta karanta daidai, amma abin da bai kamata ba. Fakiti mai ɗauke da sabulu shida yana da lambarsa, kowane sabulu a ciki ma yana da tasa. Idan ledar fakitin mai haske ce, sikana na iya kama ta ciki, ka sayar da shida a kuɗin ɗaya, da ƙararta mai daɗi kamar komai lafiya.

Ni yanzu idona na kan allo, hannuna na kan kaya. Layin kaya ya ƙaru a allo, sunan ya dace da abin da ke hannuna, sannan in tura. Kafin in karɓi kuɗi kuma sai na haɗa jimillar adadin da ke allo da yawan kayan da ke kan kanta. A lissafin mutumin nan 13 ya kamata in gani.