Ciniki Ya Ninka Kuɗin Talla Sau Biyar, Amma Jari Yana Raguwa

'Yan uwa masu sayar da kaya ta Facebook da Instagram a nan Gombe, musamman masu atamfa da mayafai da takalma, ina so mu yi maganar lissafi. Ana yawan yaɗa hoton shafin talla, wani ya nuna ya kashe ₦30,000 ya yi cinikin ₦150,000, jama'a su cika shi da barka. Ni kuwa duk lokacin da na ga irin wannan, abin da nake fara tambaya shi ne nawa ke rage masa a kan kowane kaya kafin ya biya talla. Idan ribar kayan siririya ce, mai wannan hoton yana iya kasancewa cikin faɗuwa bai sani ba.

Adadin da ake yabo shi ne wanda ake rubutawa ROAS: cinikin da talla ta kawo, a raba da kuɗin da aka kashe a tallar. ₦150,000 a raba da ₦30,000 ya ba da 5. Ana ta cewa 3 ko 4 ya isa, amma wannan magana ta masu kayan da rabin farashinsu riba ce, kamar mai haɗa turare ko man shafawa da hannunta. Mai sari daga Kantin Kwari ta kawo Gombe ta sayar ba ta cikin wannan sahu, domin kowa ya san farashin atamfa, kuma idan ta ɗora da yawa mai saye zai gangara babbar kasuwa ya saya da kansa.

Mu ɗauki misalin Hajiya mai atamfa a Tumfure. Alƙaluman misali ne, kowa ya sa nasa a gurbinsu. Tana sayar da turmi ₦15,000, ta saro shi ₦11,500. Idan ka tambaye ta riba za ta ce ₦3,500, kuma a nan kuskuren yake farawa, saboda akwai kuɗaɗen da ke bin kowane turmi har ya isa hannun mai saye. Kuɗin mota daga Kano da dako ya kama ₦200 a kan turmi. Leda da kati mai sunan shago, ₦200. Ta yi alƙawarin kai kaya kyauta a cikin gari, ɗan aike yana karɓar ₦600 zuwa Pantami ko Bolari ko Jekadafari. Cajin banki ko na mai POS, a ce ₦100. Sai kuma wanda kusan kowa ke mantawa: a cikin aike goma ana samun ɗaya da za a je ƙofar gida a yi ta kira waya a kashe, ko a buɗe a ce launin bai yi daidai da na hoto ba. Ɗan aike sai an biya shi zuwa da dawowa. Idan aka raba wannan asara a kan waɗanda suka biya, ta kai kamar ₦150 a kowane turmi.

Jimilla ₦12,750. Abin da ya rage daga ₦15,000 shi ne ₦2,250, wato kashi 15 cikin 100 na farashi. Daga cikin wannan ₦2,250 za a biya talla, kuma daga cikinta Hajiya za ta ci. Kuɗin hayar shago da albashin yarinyar shago ban sa su a nan ba da gangan, domin ko an yi talla ko ba a yi ba sai an biya su. Abin da ake sawa shi ne duk kuɗin da ke ƙaruwa idan an ƙara sayar da turmi ɗaya.

Yanzu sai a nemo iyakar da ba riba ba faɗuwa. Ana raba farashi da abin da ya rage:

```
15000 / 2250 = 6.67
6.67 x 1.075 = 7.17
```

Layi na biyun haraji ne. Tun watan Janairun 2022 kamfanin Meta mai Facebook da Instagram yake ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan tallar masu talla daga Najeriya, kuma adadin da ke fitowa a ƙarƙashin `Amount spent` bai haɗa da shi ba, sai a rasit ake ganinsa. Wanda kuma ke biya ta hannun wani, ko da katin dala, ya ƙara ladan da ake cire masa da bambancin canji. Saboda haka sai kowace naira ɗaya da shafin ya nuna an kashe ta jawo cinikin fiye da naira 7 kafin Hajiya ta tashi canjaras.

Mu koma kan waccan 5 da ake wa barka. Cinikin ₦150,000 turmi goma ne. Goma sau ₦2,250 ya ba da ₦22,500. Tallar ₦30,000 da harajinta ₦32,250 ce. Hajiya ta yi asarar ₦9,750, bayan ta kwana tana amsa saƙonni. Abin da ke ɓoye wannan asara shi ne kuɗi yana ta shigowa asusu, waya tana ta ƙara. Ba a gane ta sai ranar komawa sari, lokacin da kuɗin da ya saba ɗauko turmi hamsin ya tsaya a arba'in da wani abu, a ɗora laifin duka a kan tsadar kaya. Da ta yi lissafi da ₦3,500 ɗin nan, za ta samu iyakarta wajen 4.3, ta ga 5 ta wuce, ta ƙara kuɗin talla da farin ciki. Wannan ne ya sa nake nacewa a kan ƙananan kuɗaɗen da ake rainawa.

Sanin iyaka rabin aiki ne, domin ba wanda ya buɗe kasuwa don ya tashi canjaras. Dole a tsayar da abin da ake so ya rage. A ce Hajiya tana son ₦750 a kan kowane turmi, wato kashi 5 cikin 100. To abin da talla za ta iya ci shi ne ₦1,500 har da haraji, kimanin ₦1,395 a shafin talla. Don samun ROAS ɗin da za ta nema, sai a cire kashi 5 ɗin nan daga kashi 15, a raba 1.075 mai haɗe da haraji da abin da ya rage:

```
1.075 / (0.15 - 0.05) = 10.75
```

Abin nufinta ke nan, kusan 11. Ku lura da nisan da ke tsakanin 7 da 11 saboda ribar ₦750 kacal. Haka kaya mai siririyar riba yake, ɗan motsi kaɗan yana kai adadin sama sosai. Ragi ma haka yake yi. Mu mutane ne masu ciniki, da wuya a rabu ba a ce "Hajiya, a yi mini alheri mana" ba. Idan ta sauke ₦500, farashi ya koma ₦14,500, abin da ya rage ya koma ₦1,750, iyakar canjaras ta tashi daga 7.17 zuwa kusan 8.9. Don haka farashin da za a sa a lissafi shi ne wanda ake sallamawa a zahiri, ba wanda aka rubuta a jikin hoto ba.

Akwai wata matsala tamu ta nan. Yawancin cinikinmu a WhatsApp ake ƙulla shi, a tura kuɗi ta banki ko a biya ɗan aike. Meta ba ya ganin wannan kuɗi, shi ya sa gurbin `Purchase ROAS` yake zama fanko ga yawancinmu. Abin da yake iya ƙirgawa shi ne mutum nawa suka fara magana da nawa kowannensu ya ci, a ƙarƙashin `Cost per messaging conversation started`. Sai a mayar da abin nufin zuwa wannan ma'auni. Idan cikin mutum goma da suka turo saƙo ɗaya ne ke saye, to ₦1,395 a raba goma, kada kowane saƙo ya wuce ₦140, kuma da ya haura ₦209 an shiga faɗuwa. Idan kuwa sai cikin ashirin ake samun ɗaya, saboda masu "nawa ne" su ɓace sun yi yawa, ₦140 ɗin nan ta koma ₦70. Saƙo mai araha ba abin murna ba ne sai an san nawa ne cikinsu suka biya.

Wannan ba ya samuwa sai da littafi. Kowane mai saye a rubuta ranar, abin da ya biya bayan ragi, da inda ya fito. Wanda ya danna talla yakan zo da rubutaccen saƙon farko da aka tsara, a nan ake gane shi. Tsohuwar kwastoma da ke saye duk wata, ko 'yar uwar da ta gani a sitatus, kada a sa cinikinsu a lissafin talla ko da sun ce sun ga tallar, tunda dama za su saya. Kuma kada a yanke hukunci da cinikin kwana biyu. A bar tallar ta kai mako ɗaya ko biyu, a samu masu saye kamar ashirin, sannan a raba. Lissafin makon da ke gaban Sallah kuma nasa daban ne, kada a gina kasafin sauran watanni a kansa.

Na san wasu za su ce ai wanda ya saya yau zai dawo gobe ba tare da talla ba, don haka faɗuwar farko ba komai ba ce. Maganar tana da gaskiya, amma ina karɓarta ne kawai idan littafi ya nuna ta. Idan cikin sababbin masu saye goma, uku sun dawo cikin wata uku, to a ƙara ribar turmi uku a kan ta goman nan, a sake rabawa. Idan ba a rubuce take ba, fata ce kawai, kuma mai ƙaramin jari ba shi da ƙarfin jiran fata ta wata shida.

To idan an gwada an ga 11 ba ta kamuwa fa? A ganina yawanci ba za ta kamu ba a kan turmi ɗaya, kuma sauya hoto ko ƙara kuɗi ba zai gyara ba. Ƙara kuɗi ma yakan sauke adadin, domin masu sayen atamfa ta waya a cikin garin Gombe suna da iyaka, tallar sai ta riƙa komawa kan mutanen da suka riga suka gani. Idan `Frequency`, wato sau nawa mutum ɗaya yake ganin tallar, yana hawa, kuɗin saƙo ma yana hawa, alamar ke nan. Gyaran yana cikin abin da ake tallatawa. A tallata turmi biyu a haɗe a ₦30,000. Sari da mota sun ninka, ₦23,400, amma aike ɗaya ne, cajin banki ɗaya, asarar dawowa ɗaya, leda ta ɗan ƙaru zuwa ₦250. Jimilla ₦24,500, saura ₦5,500. Iyakar canjaras ta sauko ƙasa da 6, kuma abin da za a iya kashewa a samo mai saye ɗaya ya tashi daga kimanin ₦2,090 zuwa sama da ₦5,100. Masu haɗa kayan lefe da masu anko su ne suka dace da irin wannan talla. Haka nan idan mai saye ya ɗauki kuɗin aike, ko aka karɓi wani abu kafin ɗan aike ya tashi, ₦600 da ₦150 ɗin nan suna dawowa cikin riba. Masu aikawa Kumo ko Bajoga ko Billiri ta tasha kuwa su yi wa kowane gari lissafinsa, saboda kuɗin mota ya bambanta.

Idan an yi duk wannan adadin bai haura iyaka ba, shawarata a dakatar da tallar kuɗi a kan wannan kaya. A ci gaba da sayar da shi ta sitatus da tsofaffin kwastomomi, inda ₦2,250 ɗin ke shiga aljihu gaba ɗaya, a mayar da kuɗin tallar kan kayan da abin da ke ragewa a cikinsu ya kai kashi 30 ko 40 cikin 100, inda iyakar canjaras take tsakanin 2.7 da 3.6.