Don Allah a daina jin kunyar cewa "yi min bayani da Hausa"

Jama'a ina so in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana cina, kuma rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Akwai wata al'ada da muka ɗauko daga makarantun boko, idan malami ya gama bayani da Turanci ya ce an gane, sai duk aji a amsa a tare, kuma duk wanda ya kuskura ya ɗaga hannu ya ce malam a maimaita da Hausa to shikenan ya zama abin dariya, wasu makarantun ma har tara ake ci ko bulala idan an ji ka yi Hausa a aji. Da haka muka taso. Mun iya haddace jimla, mun iya zuba ta a takardar jarrabawa, amma ranar da aka ce ka zauna gaban kawunka ka faɗa masa me jimlar take nufi, ranar ake sanin wanda ya gane da wanda ya haddace. Ni an gwada ni, kuma a kan maganar da ba ta wasa ba.

Wata ƙanwata ce, 'yar kawuna, aka zo maganar aurenta. Kun san yanzu gwaji kafin aure ya zama dole a wurare da yawa, a Kano ma tun 2024 doka ce, kuma cikin gwajin har da na jinotayif, wato wanda yake nuna ko mutum zai iya gadar wa 'ya'yansa ciwon sikila. Sakamako ya fito, ita AS, yaron shi ma AS. Kawu ya kira ni don ni ne wanda ya yi karatun kimiyya a gidan, ya miƙo min takardun ya ce ɗana karanta ka faɗa min gaskiya, me wannan yake nufi. Ni kuma na tuna akwatin nan mai gida huɗu da ake zana mana a allo a ajin bayoloji, AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya wato mai sikila, na tuna har jimlar Turancin da ke ƙarƙashinsa, sai na juya ta kai tsaye na ce Kawu, cikin 'ya'ya huɗu da za su haifa ɗaya zai zama sikila. Kawu ya yi shiru, can ya ce to wanne ne a ciki, na fari ko auta? Kuma idan suka tsaya a uku fa, sun tsira kenan? Idan kuma na farin ne ya zo da ita, sauran ukun lafiya lau?

Wallahi ban iya amsawa ba. Na san a raina akwai abin da bai yi daidai ba a maganata amma na rasa ina ne, kuma maganar aure ce da rayuwar yaran da ba a haifa ba tukun, ba wurin da mutum zai yi ta kame-kame ba ne. Na ce masa ya ba ni kwana ɗaya.

Da daddare bayan isha'i na je wurin wani dattijo a layinmu, tsohon malamin bayoloji ne da ya yi ritaya. Na gaishe shi na ce Baba, abin nan na AS da AS na karanta shi da Turanci har na ci jarrabawa a kai, amma ina roƙo ka yi min shi da Hausa kamar ban taɓa shiga aji ba. Bai yi min dariya ba. Ya aiki jikansa ya kawo huluna biyu da ƙwayar wake biyu da ƙwayar gyaɗa biyu. Ya sa wake ɗaya da gyaɗa ɗaya a kowace hula, ya ce wannan hular uba ce wannan uwa, waken shi ne A, gyaɗar ita ce S, kowane mutum guda biyu yake ɗauke da su amma ɗaya kawai yake ba ɗansa, kuma ba shi ne yake zaɓa ba. Ya ce rufe ido ka ɗauko ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Na ɗauko wake da gyaɗa. Ya ce to ɗan fari AS ne. Na miƙa hannu zan sake ɗauka sai ya riƙe min hannu ya ce a'a, mayar da su tukuna. Don uwa ta ba ɗan fari S ba yana nufin tata ta ƙare ba, tana nan a jikinta, ciki na biyu ma hular cike take kamar ba a taɓa ɗauka ba.

Wannan "mayar da su tukuna" ita ce duk abin da na rasa shekara da shekaru. Muka yi ta ɗauka muna mayarwa, huɗu-huɗu, kowane huɗu gida ɗaya. Wani gidan ba gyaɗa biyu ko sau ɗaya, wani gidan ta fito sau biyu a jere. Sannan ya yi min lissafin a bayan wata takarda: idan ka tara gidaje 100 na AS da AS, kowanne da 'ya'ya huɗu, kusan gida 32 ba za su samu SS ba ko ɗaya, kusan 42 za su samu ɗaya, kusan 26 kuma za su samu biyu ko fiye, har akwai wanda huɗun duka za su zo da ita ko da yake wannan da wuya, sau ɗaya ne cikin 256. Wato abin da na faɗa wa Kawu da bakina, "ɗaya cikin huɗu zai zama", bai ma kai rabin gidajen ba.

Sai kuma ya nuna min inda Hausar tawa ta zame. Ya ce Bahaushe in ya ji "ɗaya cikin huɗu" ko "kashi 25 cikin 100", kunnensa rabo yake ji, irin rubu'in da ake fitarwa a gado, abu ne da yake ajiye ake yanka shi, dole kason ya fita. To tambayar kawunka daidai take, tunda ka ce masa kaso ne dole ya tambayi na wane ne. Amma abin da littafin yake nufi ba rabo ba ne, ƙuri'a ce, kuma kowane ciki da tasa ƙuri'ar. Da ka ce masa "duk cikin da ta ɗauka, ana iya samun sikila, kamar ƙuri'a ce mai ƙwaya huɗu ɗaya baƙa, kuma kullum sabuwa ake jefawa" da bai tambaye ka na fari ko auta ba.

To a nan nake so masu cewa ai Hausa ba za ta iya ɗaukar kimiyya ba su tsaya su duba da kyau. Turancin bai hana ni kuskure ba, ɓoye kuskuren ya yi. Muddin ina maimaita jimlar yadda take a littafi babu wanda zai kama ni, ni kaina ba zan kama kaina ba, maki ma ake ba ni. Sai da aka tilasta min faɗa da harshen da nake tunani da shi, gaban mutumin da zai yi min tambayar da hankali yake kawowa, sannan ramin ya bayyana.

Amma kuma kar a ɗauka ina cewa duk abin da aka juya zuwa Hausa ya gyaru. Ai fassarar da na yi wa Kawu ma Hausa ce, kuma ita ta jawo rikicin. Fassara daban bayani daban. Idan ka ce wa mutum ya yi maka da Hausa sai kawai ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya yana canza musu riga, bai yi maka komai ba, wani lokacin ma ya ƙara ɓatar da kai. Misali a wannan fannin dai, ana yawan cewa mai AS "yana ɗauke da cutar", sai dangi su ji kamar mara lafiya ne ko zai shafa wa wani, alhali yawancin masu AS lafiyarsu lau suke rayuwa kuma ba a ɗaukar abin ta zama tare ko cin abinci, gado ne kawai. Haka kalmar "jini", mun ɗora mata kaya da yawa, za ka ji an ce "jininsu bai haɗu ba" kuma ba ka san rukunin jini ake nufi ba, su O da A da B, ko jinotayif, abubuwa biyu ne da ba ruwan wani da wani, A ɗin rukunin jini ba shi ne A ɗin AS ba. Shi ya sa ni a ganina sunan abin a bar shi yadda yake a takardar asibiti, AS ya zauna AS, don gobe shi za ka gani a sakamako ko a jarrabawa. Abin da za ka nema da Hausa shi ne yadda abin yake aiki.

Kuma tambayar ma akwai yadda ake yinta. Kar ka ce "ban gane komai ba", malami bai san daga ina zai kama ba. Faɗa masa abin da kake zaton ka gane da bakinka, ko da kuskure ne, kamar yadda na faɗa wa Baba abin da na gaya wa Kawu, a nan take ya ga inda na karkace. In ya gama kar ka tashi, ka ce bari in maimaita maka ka ji ko daidai ne, sannan ka jefa masa tambaya irin ta Kawu, idan kaza ya canza fa. Ni na tambaye shi AA da SS fa, ya sa wake biyu a hula ɗaya gyaɗa biyu a ɗayar, ban ma ɗauka ba na ga amsar, duk yaran AS ne.

Abin da yake ba ni mamaki, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A karatun zaure ɗalibi yana jan baƙi da Larabci malam yana fassarawa yana warwarewa da Hausa, har ya kawo misali da rijiyar gidanku ko akuyar maƙwabci, kuma babu wanda ya taɓa cewa Larabcin ɗalibin zai lalace saboda haka, da wannan hanyar aka yi manyan malamai a ƙasar Hausa. A boko ma an gwada, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara wani gwaji a Ife a 1970, aka koyar da yara shekara shida na firamare da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. To me ya sa ɗan aji uku na sakandare a Zariya ko Katsina zai ji kamar ya yi abin kunya don ya nemi minti biyar na Hausa? Malamai don Allah, wanda ya roƙi haka ku ba shi, ku dawo Turancin bayan ya kama.

Washegari na koma wurin Kawu da wake da gyaɗa a aljihu. Na ce Kawu jiya na faɗa maka ba daidai ba, ara min hularka. Shi ya ɗauka da hannunsa, ya mayar, ya sake ɗauka, a zagaye na biyu gyaɗa biyu ta fito masa sau biyu a jere. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce a kira masa yarinyar da mahaifiyarta, kuma in tsaya in sake yi a gabansu, daga nan su je su ga likita tare da yaron kafin a tsayar da magana.