Hoton rizal ɗin Widal da ake turowa guruf

Jama'a don Allah mu rage turo hoton rizal ɗin lab a guruf ana cewa masu ilimi ku duba mana. Kafin ka ce kwabo mutum biyar sun yanke hukunci, wai taifot ne, a je kemis a sayi sifro, alhali ko fuskar mara lafiyar ba wanda ya gani.

Mu ɗauki Widal tunda shi ya fi yawo a nan Zariya. Takarda ta nuna O 1:160, H 1:80, wani ya karanto a intanet cewa 1:160 ya yi sama, shi ke nan an gama shari'a. To shi Widal ba ya ganin ƙwayar taifot ɗin kanta, abin da yake aunawa shi ne garkuwar da jiki ya haɗa bayan ya gamu da ita, kuma garkuwar nan tana daɗewa a jini. Mu da muka tashi da ruwan rijiya da na 'yan garuwa, daga Tudun Wada har Samaru, wani lafiyarsa ƙalau amma in ka ɗebi jininsa sai lambar ta fito haka. Maleriya ma tana iya ɗaga ta. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma, mai taifot na gaske a satin farko lambarsa na iya fitowa ƙasa, sai 'yan guruf su ce masa ba komai Malam, gajiya ce.

Shi ya sa likita in ka miƙa masa takardar tambaya yake fara jero maka: kwana nawa da zazzaɓin, kullum ƙaruwa yake ko zuwa yake yana tafiya, me ka riga ka sha, sannan ya kwantar da kai ya danna cikin. Zai so a duba maleriya, in da hali a yi kalca, wato a reni ƙwayar daga jinin a gan ta, kuma an fi so a ɗebi jinin kafin a fara antibayotik domin maganin yana ɓoye ta. Ko Widal ɗin ma sai an maimaita bayan kwana 10 zuwa 14 an ga ya ninka sau huɗu, misali daga 1:80 zuwa 1:320, yake da nauyi.

Ina hoto zai gaya maka mai takardar tana da juna biyu, ko yaro ne, ko cikinsa ya ƙame kamar katako? Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne, taifot in ya kai wajen sati na uku yana iya huda hanji, maganarsa ta tiyata ce, a daren za a wuce da shi asibitin koyarwa na Shika ko asibiti mafi kusa, ba a jira wani ya hau onlayin ya ba da amsa.