Ku rage layuka, ku bar wa oga lambobinsa

'Yan uwana matasa ma'aikata, akwai wata ɓarna da kuke yi alhali kuna ganin ƙwarewa ce. Oga ya ce a taƙaita masa rahoton aiki a saƙo ɗaya zai karanta a waya, sai ku ɗauki rahoto mai ɗigo goma sha biyar ku mayar da shi “aiki na tafiya daidai, an kusa gamawa, in sha Allahu”. Gajere kam ya yi gajere, amma wani rahoto ne daban kuka ƙirƙira.

A ce gyaran ajujuwa 6 ake yi a wata firamare, injiniya ya turo jerinsa ɗigo bayan ɗigo yadda abubuwa suka faɗo masa a rai. An yi taro da hedimasta. An rufe aji 4. Aji 2 ba a rufe ba, kwano ya ƙare. Mai walda ya kafa taga 18 cikin 24. An yi ruwa kwana 2. Ba a fara fenti ba. An kashe naira miliyan 7.2 cikin miliyan 9. Mai kwano ya ce zai kawo bandir 5 ranar Alhamis 14 ga wata idan an biya shi. Ana buƙatar amincewa da ƙarin naira 450,000 zuwa Talata 12 ga wata. Miƙa aiki 30 ga wata ne, amma idan kwano ya makara zai koma 7 ga watan gobe.

Kun ga abin da ake nema a wurin oga yana can ƙasa, a binne. Shi za ku fara tonowa, don shi kaɗai ne ke jiran hannunsa. Ga yadda saƙon zai fito:

“Ranka ya daɗe, muna buƙatar amincewarka da ƙarin naira 450,000 zuwa Talata 12 ga wata. An rufe aji 4 cikin 6, sauran sun tsaya don kwano ya ƙare, mai kwano kuwa ya ce zai kawo bandir 5 ranar Alhamis 14 ga wata idan an biya shi. In ya makara, miƙa aiki zai tashi daga 30 ga wata zuwa 7 ga watan gobe. An kafa taga 18 cikin 24, ba a fara fenti ba, an kashe miliyan 7.2 cikin 9. An yi taro da hedimasta, an kuma yi ruwa kwana 2.”

Maimaici ne kawai ya fita. Da zarar an ce 4 cikin 6, oga ya san saura 2, ɗigo biyu sun zama rabin jimla.

Inda aka fi zamewa shi ne ƙananan kalmomi. “Ya ce zai kawo idan an biya shi” daban, “za a kawo ranar Alhamis” daban. Na farko maganar ɗan kasuwa ce mai sharaɗi, na biyu kuwa alkawari ne da kuka ɗauka da bakinku. Ranar Juma'a idan babu kwano, ku za a kira, mai kwano yana shagonsa yana shan shayi. Haka “ba a fara ba” kada ta rikiɗe ta zama “ana shirin farawa” don kawai ta fi daɗin ji. Mun san kunyar kai wa babba labari mara daɗi ce ke jawo wannan, to amma oga da maganarku zai je ya faɗa wa nasa ogan.

Sai kuma “saboda”. Jerin ɗigo ba ya haɗa komai da komai, shi kuwa sakin layi dole sai da mahaɗi, nan hannu ke saurin rubuta “ba a fara fenti ba saboda ruwa”. Wa ya faɗa? Injiniya ya ambaci ruwa, ya ambaci fenti, bai ce wannan ne ya hana wancan ba. Wataƙila jira ake filasta ta bushe, wataƙila mai fentin ne bai zo ba. Dalilin da babu shi a rahoto, ko ku buga waya ku tambaya, ko ku ajiye maganganun biyu kowace da kanta.

Kafin ku tura, ku buɗe rahoton asali kusa da saƙonku, ku bi shi ɗigo-ɗigo kuna nuna inda kowanne ya shiga. Kowace lamba, kowace rana, kowane “idan” da kowane “ba” ku same shi a saƙon yadda yake. Kada 7.2 ta zama “wajen miliyan bakwai”, don naira 200,000 ce ta ɓace a wannan “wajen”, kuma akanta zai tambaye ta a ƙarshen wata.