Mai lalle, ki sanar da ni kafin in hau danfo, motar hayar Legas

Duk mai zanen lalle da ta kwana biyu a sana'ar ta san cewa ƙunshin amarya, hannu har gwiwa da ƙafa biyu, yakan ci awa 3 zuwa 4, ta kuma san ƙawayen amarya ba sa tashi sai kowace ta miƙo hannu. Saboda haka ban ga dalilin da zai sa ta ba wata mace ƙarfe 2 na rana, ta karɓi kafin alƙalami, sannan ta yi gum da bakinta alhali tana ganin aikin da ke gabanta ya zarce lokacinsa ba.

Abin da aka yi mini ke nan a wani gidan lalle a Agege. An soma wa amarya da ƙarfe 11, kuma a bakin ƙanwar mai lallen na ji cewa har ƙarfe 1 ba a taɓa ƙafa ba. Tun a lokacin lissafi ya fito fili, amma aka bar ni na baro Idi-Araba, na sauya mota a Oshodi, na iso a jiƙe da gumi, aka nuna mini benci. Duk tambayar da na yi, amsar ɗaya ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, saura kaɗan." Wannan kaɗan ɗin sai da ya kai mu ƙarfe 4 da rabi.

Wallahi a Legas wannan zalunci ne, domin jinkirin ba ya tsayawa a kan benci. Alwalar da mace ta yi a gida don kada ruwa ya taɓa ɗanyen zane ta tafi a banza, magariba za ta riske ta lalle bai bushe ba, sannan ta faɗa cunkoson yamma da hannun da ba ta iya riƙe ƙarfen mota da shi, wani ya goge ta, zanen da ta biya ya dame. Kuɗin motar ma yakan tashi a wannan lokacin.

Ba na neman a kori amarya a bar ta da rabin ƙunshi. Saƙo nake nema, tun awa biyu kafin lokacina, mai ɗauke da ƙarfe takamaimai da zaɓi: "Hajiya, aikin amarya ya ja, ba zan iya soma naki ba sai 4 da rabi, ko ki zo a lokacin, ko mu mayar gobe da safe, ko in dawo miki da kuɗinki." Na lura tsoron kada ciniki ya kuɓuce ne ke hana su furta zaɓi na uku, shi ya sa suke jira sai mace ta zo ta zauna, ta yi asarar kuɗin mota, ta yadda komawa gida hannu fari zai fi mata ciwo fiye da jira.