Ranar da kura ta rataye ni a Dawanau

Shekara uku ina dako da kai a kasuwar Dawanau kafin na tara kuɗin hayar kura. Duk wanda ya taɓa sa buhun masara mai kilo 100 a ƙeya ya san abin da ya sa ranar na shigo kasuwa ina tafiya kamar sabon ango. A tunanina wahala ta ƙare, tun da taya ce za ta ɗauki kaya, ni kuma in bi ta a baya ina fito.

Lokacin kaka ne, kasuwa ta cika maƙil da masara da gero da wake da riɗi. Wani Alhaji ya kira ni in kai masa buhu huɗu na masara bakin mota. Na jingina gaban kurar a kan dakalin shagonsa, na ɗora biyu a tsakiya, daidai saman ƙarfen da ya ratsa tayoyin, sauran biyun kuma na jibge su ta baya kusa da mariƙi, don nan ne ya fi kusa da ni, kuma ni ba mai son nisa ba ne. Da na ɗaga mariƙi sai na ji kamar an rataya mini ɗan maraƙi a hannu. Taku goma na yi, jijiyoyin wuyana suka fito kamar igiyar guga. Na ce a raina, to ina amfanin kuɗin hayar da na biya?

Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in tsautsayi na kiransa. Na mayar da kurar kan dakali, na kwashe buhunan bayan nan biyu na kai su can gaba. Dakali yana tallafe da su, don haka ban ji komai ba. Na tofa yawu a tafi, na kama mariƙi, na ja da baya.

Gaban kura na barin dakali, sai ƙasa ta bar ni. Wallahi ban yi tsalle ba, ɗaga ni aka yi. Hancin kura ya daki ƙasa, mariƙi ya yi sama da ni, ƙafafuna suna reto, silifas ɗaya ya tafi yawon duniya. Na ƙi saki don tsoron faɗuwa, na kasa saukowa don ba ni da nauyin. Mai kunu ta ajiye ludayi tana dariya har da riƙe ciki. Wani ɗan dako ya ɗago kai ya ce, "Malam, in ka hango motar Katsina daga nan ka faɗa mana."

Wani dattijo mai awo, wanda duk layin muke kira Baba, shi ya zo ya kama wandona ya janyo ni ƙasa. Bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ya ce, "Yaro, kilo nawa ne kai?"

Na ce, "Hamsin da biyar, Baba, in na ci tuwo."

Ya ce in auna masa da ƙafa daga ƙarfen taya zuwa mariƙi. Taku biyar. Daga ƙarfen zuwa tsakiyar buhunan gaba, taku biyu. Ya tsuguna ya zana a ƙasa da tsinke. Ya ce kura sikeli ce, ƙarfen taya shi ne tsakiyarta, kuma ba nauyin kaya kaɗai take ji ba, tana jin nauyi sau nisansa daga ƙarfen. Buhu biyu kilo 200 ne, sau taku biyu, 400 ke nan suna danna gaba. Ni kuma kilo 55 sau taku biyar, 275. "Ko ka rataye da duk jikinka, da hularka, da bashin da ake bin ka, 275 ba ta rinjayi 400. Ai dole ka tashi."

Na ce to ɗazu fa, da hannuna ya kusa tsinkewa? Ya ce lissafin ɗaya ne, juya shi kawai na yi. Wannan 400 ɗin tana ta wajena, a raba ta da taku biyar na mariƙi, kilo 80 ke nan a tafin hannuna. Wato na biya kuɗin haya don in ci gaba da ɗaukar kusan buhu guda. Su kuwa biyun da ke zaune a saman ƙarfen, nisansu sifili ne, ba sa danna gaba, ba sa danna baya, taya ce kaɗai ta san da zamansu. Ɗan Alhaji, wanda ke makarantar kimiyya, ya sa baki ya ce a aji sunan abin tok, wato ƙarfin juyi, kuma shi ya sa mai faci ke zura bututu a jikin sifana in noti ya ƙi kwancewa. Baba ya dube shi ya ce, "Mu kafin a ba shi suna muke cin abinci da shi."

Muka sake lodi. Biyu a tsakiya, ɗaya a gaba taku biyu, ɗaya a baya taku biyu. Na taɓa mariƙi da yatsa biyu, kura mai kilo 400 ta yi lilo kamar ba komai a kanta. Na washe baki zan tafi, Baba ya ce tsaya. Ya ja buhun baya rabin taku zuwa wajena. Kilo 100 sau rabi, 50, a raba da biyar, kilo goma a hannu. Ya ce kurar da ta daidaita cif ba ta da amana, ƙaramin rami ko gangara sai ta kifa gaba, musamman in kaya sun yi tsayi, don kana ɗaga mariƙi na saman suna leƙawa gaba. Gara ka bar ɗan nauyi a hannunka, da shi za ka riƙa jin abin da kura ke shirin yi. In ka ji mariƙi ya fara sauƙi yana neman tashi, kaya sun zame gaba, tsaya ka gyara ka ƙara ɗaure igiya.

Haka na tura ta har bakin mota ina gaisawa da mutane da hannu ɗaya, don waɗanda suka gan ni a sama su gan ni a ƙasa. Har na tsaya ina yi wa yaron mota bayani, nauyi sau nisa, kamar ni na ƙirƙiro. Shi kuwa ba sauraro yake ba, buhun da ya fi kusa da shi ya sunkuta, wato na baya. Ya rage na gaba shi kaɗai, 200 babu abokin gardama, a raba da biyar, kilo 40 suka taso da mariƙi, ni kuma na riƙe shi da yatsa biyu, haɓata tana daidai samansa.

Kwana uku ina shan kunu a wajen matar nan da ta yi mini dariya, don tuwo ba ya taunuwa. Da Baba ya ga haɓar ya ce, "Af, na manta ban gaya maka ba, saukewa ma da lissafinta. Na tsakiya ake fara ɗauka, sannan a tokare gaba." Silifas ɗin kuwa har yau ban gan shi ba.