Ranar da na koma shamuwa

Tsawona ƙafa 6 da inci 3, ƙiba kuwa ko ta rantsuwa babu. A Tudun Wadar Gusau ni ake kira idan ƙwan lantarkin masallaci ya mutu.

Da bikin abokina ya matso, aka raba mana anko, shadda yadi 4 kowa. Na ga ɗinkin ango ya zauna masa, gajeriyar riga da wando fensir, sai na ce wa tela irinsa nake so. Ango fa da kyar yake kai min kafaɗa. Telan ya ɗora tef, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Malam, ka tabbata?" Na ce shi dai ya yanka.

Riga inci 32, ta tsaya ƙasa da ɗuwawu kaɗan. Bakin wando inci 12, sai na sa leda a ƙafa yake shigewa. Ranar ɗaurin aure na biya in gaida kakata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kai wanga miji, damina ta kusa ke nan, tunda ga shamuwa ta sauka." Da na zauna a tabarma wandon ya haye tsakiyar ƙwauri. Da na durƙusa gaida waliyyin amarya kuwa, wani ƙara ya fito daga baya, na yi sauri na rufe shi da tari.

Haushi ya sa da sallah na ɗinka riga har idon sawu, mai zane a tsaye, jikinta a tsuke. Wannan karon yara suka ce an naɗe tabarma an jingine.

Wani dattijon tela a tsohuwar kasuwa ne ya ceto ni. Ya ce, "Ɗana, rigarka ce ke raba tsawonka. In ta yi gajarta, duk ka zama ƙafa, in ta kai ƙasa, ka zama falwaya." Ya tsayar da ita inci 45, yatsa uku ƙasa da gwiwa, ya sakar mata jiki, hannu kuma har wuyan hannu, don nawa kullum a rataye suke. Wando ya yi shi miƙaƙƙe, baki inci 16, da sarari a cinya, tsawo 44 yadda zai taɓa bayan takalmi. Sai da ya zaunar da ni a kan benci ya sake aunawa, domin a zaune wandon dogo ke tona masa asiri. Ya hana ni zane a tsaye, ya ce in riƙa sa sitati shadda ta ɗan buɗe. Kuma yadi 5 ne nawa, in daina cutar kaina da 4.

Na sa na koma wurin kaka ina taƙama. Ta ce, "To, yanzu ka yi kama da mutum. Miƙo min kwanon can na saman rumfa."